Yanka da Ciko: Filin da ke Tsakanin Layuka Biyu Masu Gitta Juna

MAI GABATARWA: Wannan shi ne filin darasin lissafi. Yau ranar ƴan ajin tarminal ce masu shirin jarrabawar bak, amma magina da masu aikin hanya kada su juya akwatin rediyonsu, domin aikinsu ne za mu ɗora a allo. Ina tare da malamin lissafi na lise. Malam, barka da zuwa.

MALAMI: Barka kadai, Malama. Ɗalibai su ɗauko takarda da alƙalami, don yau akwai zane.

MAI GABATARWA: A makon jiya mun koyi auna filin da ke tsakanin layuka biyu: a ɗebe na ƙasa daga na sama, a ɗauki antegiral. Me ya rage kuma?

MALAMI: Abin da ya rage shi ne ranar da na sama ya koma ƙasa. Dokar makon jiya tana aiki ne muddin layi ɗaya yana bisa ɗan'uwansa tun daga farko har ƙarshe. Da zarar sun gitta juna, wanda bai lura ba zai samu amsa mai kyan gani amma ƙarya. Wurin da aka fi ganin haka da ido shi ne aikin hanya. Babbar kwaltar nan ta ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Birnin Ƙonni, ta ratsa Gidan Rumji, ta wuce ta Cadawa da Agye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram, ba ta bin kowane tudu da kowane kwari yadda Allah ya halicce su. Wanda ya taɓa zama kusa da taga a mota ya san akwai inda hanya take bisa ciko, gonaki suna ƙasa da ita, akwai kuma inda aka yanka tudu, ƙasa tana tsaye a gefenta.

Kafin katafila ta taɓa ƙasa, injiniya yana zana layuka biyu a takarda ɗaya. Na farko shi ne bayan ƙasa kamar yadda mai awo ya same shi, da hawa da gangara. Na biyu shi ne inda ake son hanyar ta zauna, wanda aka saba zana shi da jan alƙalami, har ake ce masa jan layi. Inda ƙasa ta fi jan layi tsawo, sai an yanka. Inda jan layi ya fi ƙasa tsawo, sai an cika. Filin da ke tsakanin layukan nan biyu shi ne ma'aunin aikin.

MAI GABATARWA: To ba mu misali da alƙaluma, Malam.

MALAMI: Zan ba da, amma a sani alƙaluman allo ne, na zaɓe su don su yi sauƙin lissafi. A ɗauka hanya ce mai gangarowa daga jigawa zuwa kwari irin na Gulbin Kaba, tsawon mita 300. Harafin x shi ne nisa, kuma kowane ɗaya nasa mita 100 ne. Wato x zai tashi daga 0 ya tsaya a 3. Tsayi kuma da mita muke auna shi. Bayan ƙasa shi ne

f(x) = x² − 5x + 8

jan layi kuwa miƙaƙƙe ne,

g(x) = 5 − x

Ku rubuta tsayin kowanne a turaku huɗu. A x = 0 ƙasa tana mita 8, hanya tana mita 5. A x = 1 dukansu suna mita 4. A x = 2 ƙasa ta sauka zuwa mita 2, hanya tana mita 3. A x = 3 sun sake haɗuwa a mita 2. Hanyar tana sauka mita ɗaya a kowane mita 100, gangara mai sauƙi da babbar mota za ta bi ba wahala. Ƙasar kuwa ta faɗo da sauri daga kan tudu, ta nutse ƙarƙashin jan layi, sannan ta ɗago.

Yanzu mu bi ɗalibi mai gaggawa. Ya ga a farkon zane ƙasa ce a sama, sai ya ɗebe g daga f, ya samu

f(x) − g(x) = x² − 4x + 3

Ya nemo firimitif ɗinta, wadda za mu kira F:

F(x) = x³/3 − 2x² + 3x

Ya sa 3 a ciki: 27 a raba uku, tara, a ɗebe 18, a ƙara tara. Sifili. Ya sa 0, sifili ne ma. Amsarsa ke nan: filin da ke tsakanin layukan sifili ne.

MAI GABATARWA: Ai kuwa yanzu ka ce a farkon hanyar akwai mita uku na ƙasa da za a yanka.

MALAMI: Shi ne abin, Malama. Lissafinsa bai kuskure ko lamba ɗaya ba, amma a ce ɗan kwangila ya karɓi wannan takarda, za a gaya masa babu aikin da za a biya shi. Antegiral ba ta san fili ba, tazara mai alama take tarawa. Inda f ke sama, tazarar tana shiga da alamar ƙari. Inda f ta koma ƙasa, tazarar tana shiga da alamar ragi, tana cin abin da aka tara a baya. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ci ribar jaka huɗu da safe ya faɗi jaka huɗu da yamma: aljihunsa bai canza ba, amma ba za a ce bai yi ciniki ba.

Gyaran yana da mataki uku, kuma na farkon ne ake yawan tsallakewa. Kafin ka taɓa antegiral, nemo inda layukan suka haɗu, wato inda bambancinsu ya zama sifili. Bambancin namu yana rabuwa kamar haka:

x² − 4x + 3 = (x − 1)(x − 3)

Mahaɗa biyu ke nan, x = 1 da x = 3. Ta biyu tana daidai bakin iyakarmu, ba ta raba komai. Ta farko kuwa tana tsakiyar aiki, a mita 100, kuma ita ce ta raba hanyar gida biyu: daga 0 zuwa 1, da daga 1 zuwa 3.

Mataki na biyu, a kowane gida ka tambayi wane ne a sama. Kada ka amince da idonka a kan zanen da ka yi cikin sauri, gwada lamba ɗaya daga cikin gidan. A gida na farko mu gwada x = 0: bambancin 3 ne, da alamar ƙari, ƙasa ce a sama. A gida na biyu mu gwada x = 2: huɗu a ɗebe takwas a ƙara uku, ragi ɗaya, hanya ce a sama. Lamba ɗaya ta isa, domin layukan nan ba su da tsalle ko yankewa. Bambanci mai tafiya a haɗe ba zai tashi daga ƙari ya koma ragi ba sai ya taka sifili, kuma mun riga mun kama duk inda ya taka.

Mataki na uku, ka auna kowane gida shi kaɗai, na sama a ɗebe na ƙasa. A gida na farko f ce a sama, don haka F(1) a ɗebe F(0). F(1) shi ne sulusi, a ɗebe biyu, a ƙara uku, ya ba da 4/3. A gida na biyu g ce a sama, sai a juya ɗebewar: F(1) a ɗebe F(3), wato 4/3 a ɗebe sifili, shi ma 4/3. Jimilla 8/3. Ga masu rubutawa:

A = ∫₀¹ (f − g) dx + ∫₁³ (g − f) dx = 4/3 + 4/3 = 8/3

MAI GABATARWA: Takwas bisa uku na me? Mai katafila ba zai gane wannan ba.

MALAMI: Tambaya ce da ake zubar da maki a kanta a bak. Kowane murabba'i ɗaya a zanenmu mita 100 ne a kwance, mita ɗaya a tsaye, wato murabba'in mita 100. Saboda haka 4/3 ya zama murabba'in mita 133 da ɗoriya. In faɗin hanyar mita 10 ne, yankan ya kama mita kubik 1,333, cikon ma haka. Da tifa mai ɗaukar mita kubik 10, sawu 133 ne da ƴan kai. Za a biya kuɗin haƙa na mita kubik 1,333, a biya kuɗin zubawa da dannewa na wasu 1,333, duk a wurin da ɗalibinmu ya rubuta sifili.

Amma ina so in tsaya wa sifilin nan, don malamai da yawa suna jan masa layi su wuce kamar shirme ne. Ba shirme ba ne, amsar wata tambaya ce daban. Sifilin yana cewa abin da za a yanka daga tudu ya yi daidai da abin da kwarin ke bukata. Ba sai an sayo ƙasa daga wani rami ba, ba kuma sai an nemi inda za a zubar da saura ba. Injiniya yakan ɗaga jan layinsa ya sauke, yana neman wannan daidaiton da gangan. Antegiral ɗin da ba a raba ba tana gaya maka ko ƙasar za ta isa. Wadda aka raba tana gaya maka yawan aikin. Laifin ɗalibin shi ne an tambaye shi ta biyu ya amsa ta farko.

MAI GABATARWA: Amma Malam, wanda ya ga sifili ai zai farga da kansa cewa akwai matsala.

MALAMI: Zai farga, shi ya sa sifili bai cika ba ni tsoro ba. Abin tsoro shi ne kuskuren da ya fito da fuskar gaskiya. Mu ƙara wa hanyar mita 100, x ya kai 4. A can ƙasa ta hau zuwa mita 4, jan layi yana mita 1, an dawo yanka. Wanda bai raba ba zai sa 4 a cikin F: 64 bisa uku, a ɗebe 32, a ƙara 12, ya samu 4/3. Lamba ce mai alamar ƙari, ba ta da wani aibi a ido, zai ja mata layi biyu ya miƙa takarda. Alhali yanzu x = 3 ta shigo tsakiyar aiki, gidaje sun zama uku. Na farko 4/3, na biyu 4/3, na uku daga 3 zuwa 4 shi ma 4/3. Filin gaskiya 4 ne. Ya kawo sulusin amsa.

Akwai kuma masu dabarar cewa in amsa ta fito da ragi sai su goge alamar. Wannan yana aiki ne a cikin gida ɗaya, bayan an raba. In ka goge alama a ƙarshen lissafin da ba ka raba ba, ƙari da ragi sun riga sun cinye juna a ciki, abin da ya ɓace ba ya dawowa.

MAI GABATARWA: To a ɗakin jarrabawa, inda babu mai duba maka, yaya za ka gane ka kauce?

MALAMI: Da ƙiyasi na minti ɗaya. Dubi gida na farko: gindinsa ɗaya, tsayinsa uku a bakin farko, ya tsuke zuwa sifili. Kusan alwatika ne, kuma alwatika mai gindi ɗaya da tsayi uku filinsa ɗaya da rabi ne. Mu mun samu ɗaya da sulusi, ƙasa kaɗan, daidai da yadda layin ya lotsa ciki. Gida na biyu faɗinsa biyu, zurfinsa ɗaya a tsakiya. Tun fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, Arkimidis na birnin Sirakus ya nuna cewa irin wannan yanki na farabol kashi biyu cikin uku ne na akwatin da ya kewaye shi. Akwatin filinsa biyu, kashi biyu cikin uku nasa 4/3. Ya yi daidai. To in gida ɗaya kaɗai ya kai 4/3, ta yaya gidaje uku a haɗe za su tsaya a 4/3? Duk lokacin da jimillarka ba ta fi ɓangare ɗaya da kake gani da ido ba, ka manta wata mahaɗa.

Sai dai ba kowace haɗuwa ce gittawa ba. A sauke jan layinmu da mita ɗaya, ya zama g(x) = 4 − x. Bambancin ya koma x² − 4x + 4, wato (x − 2)². Layukan sun haɗu a x = 2, amma abin da aka ninka da kansa ba ya zama ragi. Ƙasa ta sauko ta taɓa jan layi ta koma sama. A nan ko ka raba ko ba ka raba ba amsa ɗaya ce: daga 0 zuwa 3 fili 3 ne cif. Rabawa ba ta cutarwa. Abin da ke cutarwa shi ne juya ɗebewa ba tare da gwaji ba, don kawai ka ga mahaɗa. Ka lura kuma da abin da sauke mita ɗaya ya jawo wa aikin: yanka ya tashi daga mita kubik 1,333 zuwa 3,000, kuma babu kwarin da zai karɓi ko tifa ɗaya.

MAI GABATARWA: Wani magini zai ce ƙasar Gazawa ba ta zo da x sau x a rubuce ba.

MALAMI: Gaskiyarsa. Mai awon ƙasa ba shi da f, turaku yake da su. Yana kafa turke a nisa daidai, ya auna tsayin ƙasa a kowanne, ya rubuta tazararta da jan layi. Amma rabawar tana nan. A ce turaku biyu suna da mita 50 tsakaninsu. A na farko ƙasa ta ɗara jan layi da santimita 60, a na biyu ta gaza da santimita 40. Ko ba a gaya maka ba, layukan sun gitta a wani wuri tsakaninsu. In muka ɗauka ƙasa ta miƙe daga turke zuwa turke, tazarar tana sauka santimita 100 a cikin mita 50, don haka 60 ɗin farko za su ƙare a mita 30. A nan ake sa turke na takarda, wanda babu shi a daji, inda babu yanka babu ciko. Alwatika biyu suka fito. Na yanka, mita 30 sau santimita 60 a raba biyu, murabba'in mita 9. Na ciko, mita 20 sau santimita 40 a raba biyu, murabba'in mita 4. Aikin 13 ne. Wanda ya haɗa 60 da ragi 40 ya ɗauki tsaka-tsaki zai samu santimita 10 sau mita 50, wato 5, kuma 5 ɗin nan ba komai ba ne illa 9 a ɗebe 4. In turakun sun yi nisa da juna ƙwarai, ƙaramin tudu ko ɗan kwazazzabo zai iya ɓuya tsakaninsu, mahaɗa biyu su ɓace gaba ɗaya. Shi ya sa inda ƙasa ke da karye-karye ake matso da turaku.

MAI GABATARWA: Da wannan lissafin mutum zai iya yanka wa aiki kuɗi ke nan?

MALAMI: A'a, Malama, kada a je a ce malamin rediyo ne ya faɗa. Ninka fili da faɗin mita 10 da muka yi yana nufin bangon yankan a tsaye yake kamar bangon ɗaki. Rairayin jigawa ba ya tsayuwa haka, dole a kwantar da gefen, kuma yadda yanka ya ƙara zurfi haka bakinsa ke ƙara faɗi. Don haka ake zana wani yanki a gicciye a kowane turke, inda ake sake samun layuka biyu masu gitta juna, musamman a gefen tudu, inda rabin hanya yanka ne rabi ciko. Sannan ƙasa tana kumbura in an haƙa ta, tana kuma matsewa in an jiƙa ta an danne da inji, saboda haka sawun tifa ba ya zuwa daidai da lissafin takarda. Saman ƙasa mai saiwoyi ma ba a ciko da shi, kwashe shi ake yi gefe.

Akwai kuma nisan jigila, wanda fili kaɗai ba ya faɗa. A misalinmu na mita 300, tsakiyar nauyin yankan yana wajen mita 31, na cikon yana mita 200, don haka kowane sawu yana tafiyar kusan mita 170 a tsaka-tsaki. Da a ce gidajen yanka da na ciko suna da yawa, tambaya za ta taso: wace ƙasa za a kai wane rami don jigila ta fi arha? Masanin lissafi ɗan Faransa Gaspard Monge ya rubuta maƙala a kan wannan tambaya ta yanka da ciko a 1781. Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet ya sake fasalinta a 1942, kuma yana cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975. Ko wannan babbar tambaya ba ta tasowa sai an fara raba layin, an san ina ne tudu ina ne rami.

MAI GABATARWA: Lokaci ya kama mu, Malam. Bar wa ɗalibai aikin gida.

MALAMI: Su riƙe bayan ƙasar nan, f(x) = x² − 5x + 8, daga x = 0 zuwa x = 3. Su sauke jan layin farko da santimita 75, ya zama g(x) = 17/4 − x. Wannan karon mahaɗa biyun duka suna cikin aiki, gidaje uku ne. Ina son mahaɗun a mita, da filin yanka, da filin ciko, kowanne daban, sannan yawan mita kubik da za su yi saura in faɗin hanyar mita 10 ne. Su gwada alama a kowane gida kafin su ɗauki antegiral.

MAI GABATARWA: Za mu warware shi a farkon shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.